Ranar da na zama Farfesan Ya-da-Ta

Kun dai tuna ranar Laraba 1 ga Yunin 2022 da gwamnatin Sanwo-Olu ta fara hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja inda ofishinmu yake, to ni daga Agege danfo ta sauke ni a hanya na ƙarasa a ƙafa, na shigo jage-jage da gumi, ina buɗe kwamfuta na ga kanun labarin da za mu sa: "Haramcin acaɓa a Legas ta fara aiki yau".

Kunnena bai yarda ba. Legas kam mace ce, sunan gari duk haka yake, Kano ta cika, Zariya ta yi zafi. Amma ai ba Legas ce ta fara aiki ba, haramcin ne, shi kuma namiji ne. A cire "acaɓa a Legas" daga tsakiya a ji, haramci ta fara aiki? Ko ɗan Mile 12 da ya koyi Hausa a wajen sayen tumatir zai ɗan dakata. Wanda ya rubuta ya bi kalmar da ta fi kusa ne kawai ya manta da mai aikin.

Ni sabon yaro, ban isa in taɓa kanu ba, sai na tura wa Oga imel cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ina da tambaya akan kanun acaɓa, anya ba 'ya fara' ya kamata ba? Ina ganin wanda ya rubuta bai natsu ba." Ni wallahi na ɗauka mutumin nan na kusa da taga ne ya rubuta, kun san halinsa.

Ashe Oga ne da hannunsa.

Bai ba ni amsa ba, sai a mitin ƙarfe goma ya shigo da takarda, wato sai da ya sa aka yi firintin ɗin imel ɗin, a ofishin da ake mana gorin takarda kullum. Ya gyara tabarau ya ce yau mun yi baƙo daga jami'a, Farfesa tashi a gan ka. Na tashi. Ya karanta a hankali kamar mai karanta wasiyya, da ya zo kan "bai natsu ba" sai ya maimaita, ya dube ni ta saman gilashi, ya sake maimaitawa, ya tambayi ɗakin ko akwai wanda ya taɓa ganinsa ba a natse ba. Tsit. Fanka kaɗai ke magana. Sannan ya ce Farfesa ya rubuta "akan" a haɗe, alhali "akan" a haɗe na al'ada ne, akan yi ruwa a Yuni, in kuwa ana nufin game da abu to "a kan" ne a rabe. Wayata ce ta haɗe su amma wa zai saurare ni.

Na yi ƙarfin hali na ce ranka ya daɗe duba ƙarshen kalmar, haramcin, da "n" ta ƙare, da mace ce da "r" za a gani kamar dokar ko motar. Kafin Oga ya buɗe baki sai mai kamara ya tsoma nasa, bakinsa cike da ƙosai, wai to gwamnatin fa, ai ita ma "n" ce kuma gwamnatin Legas ta hana ake cewa. Aka fashe da dariya har da tafi. Abin haushin ma yana da gaskiya, macen da ba ta ƙare da "a" ba "n" take ɗauka, don haka alamar ba ko'ina take ci ba, amma wannan bai mayar da haramci mace ba, ina ta faɗa ba mai ji. Kuma shi wannan bawan Allah da ke rubuta "bazai" da "zaiyi" a ƙasan hoto kullum ni nake raba masa su a ɓoye, ga dubu biyuna da ya karɓa tun azumi wai zai sa kati, ga cajata da ta koma jakarsa, yau shi ne masanin nahawu. Ƙosan ma ban da tabbacin nasa ne, don Hajiya ta nemi ledarta daga baya.

Da rana labari ya fita, na duba. "Dokar hana acaɓa a Legas ta fara aiki yau". Wato Oga ya gwammace ya canza mai aikin gaba ɗaya da ya saki "ta" ɗinsa, kuma yanzu daidai ne ba abin cewa. Na nuna wa Hajiya ta ce to ai ga "ta" nan, me kake ta hayaniya tun safe.

Har maigadi yanzu Farfesa yake ce min, shi ma bai san dalili ba. Mai kamara ya ce ƙarshen wata.