Ku Daina Tambayar Mutane "Za Ka Saya?"

Shekaranjiya wani ƙanena ya zo mini da manhajar da ya kwashe wata takwas yana haɗawa, ta rubuta kuɗin shiga da na fita. Mutum uku ne kacal ke amfani da ita, har da shi. Na ce, "Kai, wa ka tambaya kafin ka fara?" Ya ce ya nuna wa abokansa, kowa ya ce zai saya. Wallahi raina ya ɓaci, don ba shi ne na farko ba.

'Yan'uwana matasa, wannan tambaya ta "za ka saya?" ita ke cinye muku jari. Abokinka zai ce eh don kunya. Baƙo zai ce eh don ka ƙyale shi ya wuce. Wanda ma ya faɗa da zuciya ɗaya hasashe yake yi, kuma kuɗinsa na aljihunsa.

Marigayi Clayton Christensen na Jami'ar Harvard ya koyar da cewa mutum yana ɗaukar kaya aiki ne, kamar yadda ake ɗaukar ma'aikaci. Wani hali ya matsa masa, yana son ya fita daga ciki, sai ya nemi abin da zai fitar da shi. In kayan ya yi aikin a sake nemansa, in bai yi ba a sallame shi. To, aikin ake bincike, ba ra'ayin mutum a kan kayanka ba.

Ku ji abin da ya faru da abokin aikinsa Bob Moesta a yankin Detroit na Amurka. Kamfanin da Moesta ke yi wa aiki na gina ƙananan gidaje don dattawan da 'ya'yansu suka watse, suke son barin babban gida. An tambayi masu zuwa kallo me suke so, an ƙara tagogi da kayan ado, an zuba kuɗi a talla. Mutane na zuwa suna yabawa, ciniki shiru. Sai Moesta ya koma wurin waɗanda suka riga suka saya, ya sa kowa ya ba shi labari daki-daki, tun daga ranar da tunanin tashi ya fara zo masa. Abu ɗaya ya yi ta fitowa: teburin cin abincin iyali. Mutanen da suka ce ba sa buƙatar ɗakin cin abinci, su ne suka kasa tashi har sai sun san inda teburin nan zai je, saboda a kansa 'ya'yansu suka girma. Ruwa ba ya tsami banza. Ashe abin da ya tsaye musu a wuya shi ne yadda za su kwashe rayuwar shekaru ba tare da sun watsar da ita ba.

Kamfanin ya rage girman ɗakin kwana na biyu don tebur ya samu wuri, ya ɗauki nauyin kwashe kaya, ya ba da ma'ajiya ta shekara biyu da ɗakin da mutum zai tantance kayansa a tsanake. Har dala 3,500 aka ƙara a farashi. A 2007, lokacin da cinikin gidaje ya faɗi warwas, nasu ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. Wace "za ka saya?" ce za ta tono maka tebur?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ka zauna ka saurare shi. Ka nemi wanda bai daɗe da saye ba, ka tambaye shi yaushe abin ya fara damunsa, da me yake lallaɓawa a da, me ya ji tsoro har ya yi jinkiri. Tsoron sabon abu da sabo da tsoho su ke riƙe mutum, ku kuwa ado kawai kuke ƙarawa. Kuma in ka rubuta aikin ka ga sunan kayanka a ciki, ba ka gano komai ba tukuna. In kuma abin da ka rubuta shi ne "yana son jin daɗi", ya yi faɗin da ba zai nuna maka abin da za ka ƙera ba.

Amma ina! Kafin a ji ta bakin mai saye ko ɗaya an buga kati, an rubuta "shugaban kamfani". Wasu ma kwafo na wani suke yi, su sauya launi.

Masu sana'a na da, kafin su taɓa kayan aiki sai sun ce, "Me za ka yi da shi?" Su yi shiru har ka gama. Yanzu wa ke da haƙurin wannan shirun? Ƙanen nan nawa, ina cikin ba shi labarin tebur, ya katse ni yana tambaya ko ya sauya launin manhajar zuwa shuɗi.