Matuƙin bai ɓata ba, iska ce ta juya: a daina yi wa masu tuƙa jirgi ƙazafi

Kwana uku kenan ana ta turo min bidiyon nan na jirgin da ya sauko har kamar tayarsa za ta taɓa ƙasa sannan ya sake ɗagawa sama, kuma kusan duk wanda ya turo sai ya haɗa da magana ɗaya, wai matuƙin ya ɓata hanya. Jiya da daddare a wurin mai shayinmu na Ƙofar Ƙaura wani dattijo da nake ganin girmansa har rantsuwa ya yi cewa shi da idonsa ya taɓa ganin jirgi ya shigo filin jirgin Katsina "ta baya", domin a cewarsa ya saba ganin suna sauka ta wancan ɓangaren, ranar kuma sai ga shi ta ɗaya ɓangaren. Na ce masa Baba, titin jirgi ba shi da gaba ba shi da baya, baki biyu gare shi kuma kowanne da lambarsa. Ya ce to ai shi ke nan, ku 'yan boko komai sai kun kare shi. Abin ya tsaya min a rai har na kasa barci sai da na zauna na rubuta wannan.

Ku duba lambar da ke rubuce da farin fenti a bakin titin. Mutane da yawa sun ɗauka lambar gida ce ko lambar kwangila, alhali alƙibla ce. Duk wanda ya taɓa buɗe kamfas a waya don ya nemi gabas a baƙon wuri ya san da'irar nan mai digiri 360, arewa 360, gabas 90, kudu 180, yamma 270. To haka ake yi, a duba inda titin ya fuskanta a kamfas, a kai shi goma mafi kusa, a cire sifilin ƙarshe. Titin filin jirgin Umaru Musa Yar'adua na Katsina baki ɗaya 05 ne, ɗayan 23. Ma'ana idan ka shigo ta bakin 05 hancin jirginka na kallon wajen digiri 50, arewa maso gabas kenan, idan ka shigo ta bakin 23 kana kallon digiri 230, kudu maso yamma. Kwalta ɗaya ce, suna biyu. Kuma ko'ina ka je a duniya bambancin lambobin biyu 18 ne, tunda juyawa baya digiri 180 ne, ku gwada da na Abuja 04 da 22, ko na Kano 06 da 24. Inda aka yi tituna biyu a jere masu kallon wuri ɗaya kamar Legas sai a ƙara harafi, 18L na hagu, 18R na dama.

Yanzu ku sake kallon lambobin nan, 04, 05, 06, duk kusan wuri ɗaya suka fuskanta, kuma ba dacewa aka yi ba. Manomin Batsari ko na Mai'adua da bai taɓa shiga jirgi ba ya san amsar: iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa da ƙurarta, iskar damina kuma daga kudu maso yamma take zuwa da hadarinta. Waɗanda suka shimfiɗa titunan nan bin hanyar iska suka yi, saboda jirgi yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska, ba ya son ta biyo shi ta baya. Da hunturu sau da yawa bakin 05 ne zai dace, da damina 23, wani lokacin ma cikin wuni ɗaya iskar ta juya, ma'aikatan hasumiyar da ke ba jirage umarni su canza baki. Wannan shi ne "ta baya" ɗin da Baba ya gani.

Kuma maganar ba ta son rai ba ce, lissafi ne mai sauƙi. Fukafukin jirgi ba ruwansa da gudun da jirgin ke yi a kan ƙasa, abin da ya dame shi gudun iskar da ke ratsa shi. Mu ce jirgi na buƙatar iska ta ratsa shi da gudun kilomita 250 a awa lokacin sauka, kuma ranar iskar hunturu na kaɗawa da kilomita 30 a awa. Idan ya shigo ta 05 ya fuskance ta, tayarsa za ta taɓa kwalta yana gudun 220. Idan ya yi taurin kai ya shigo ta 23 iskar na tura shi, zai taɓa yana gudun 280. Wani zai ce ai 60 ce kawai tsakani, amma duk direban da ya taɓa taka birki a hanyar Kano ya san nisan tsayawa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake, a wannan misalin aikin da birki zai yi ya ƙaru da sama da rabi. Shi ya sa galibin jiragen fasinja an ƙayyade masu iyakar iskar baya da za su iya sauka da ita, kuma ba ta da yawa, wajen kilomita 18 zuwa 28 a awa. To ku gaya min, wanda ya zaga don ya fuskanci iska shi ne ya ɓata?

Masu cewa ai yanzu na'ura ce ke yin komai, fenti da fitila ado ne kawai, ba su taɓa zama kusa da taga suna kallo ba. Ni na zauna, kuma abin da na gani lokacin da muka kawo bakin titi shi ne jerin fararen layuka dogaye kamar haƙoran mataji, su ne ke cewa daga nan aka yarda ka sauka, har yawansu ma magana ne, guda 12 na nufin faɗin titin mita 45. Sai lambar, sai layin tsakiya mai tsinkewa, sai can gaba kamar mita 300 zuwa 400 wasu manyan fararen faci biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, waɗannan matuƙi ke sa wa ido yana nufarsu. Abin da ya fi tsaya min shi ne baƙin da ke wajen, shatin taya kan shatin taya har ya fara cinye farin, wato jirage sun yi ta dira a daidai wurin nan, kuma wato idan ba a kankare robar an sake fenti ba wata rana farin zai ɓace. Fentin titin sauka fari ne, na hanyar da jirgi ke bi a hankali ya tafi wurin ajiye fasinja rawaya ne, idan kuma an rufe titi sai a zana masa ƙaton X. An raba launukan nan ne don kada mutum a gajiye ya ɗauki wannan a matsayin wancan.

Da daddare ko cikin hazo fenti ba ya ganuwa daga nesa, sai fitilu su karɓi aikin. Kore a jere shi ne bakin shiga, ja a jere shi ne ƙarshe, gefe da gefe fari, kuma a titunan da ake sauka da na'ura mita 600 na ƙarshe fitilun gefen kan koma rawaya, suna ce maka kwalta ta kusa ƙarewa. Shuɗi kuwa ba wurin sauka ba ne, gefen hanyar tafiya ce. Amma wanda na fi so mutanenmu su sani wasu fitilu huɗu ne a jere a gefen titi, yawanci ta hagu, matuƙa na ce masu PAPI. Kowace ɗaya idan ka kalle ta daga sama fara ce, daga ƙasa ja ce, kuma an saita su a kusurwa daban-daban. Idan matuƙi ya ga biyu ja biyu fari, yana kan gangaren da ya dace, wanda galibi digiri 3 ne, wato yana nesa da kilomita ɗaya tsayinsa daga ƙasa bai wuce mita hamsin da 'yan kai ba. Uku fari ya ɗan yi sama, huɗu fari ya yi sama da yawa zai wuce wurin dira. Uku ja ya ɗan yi ƙasa, huɗu ja kuwa sai dai a ce Allah Ya kiyaye, dole ya ƙara wuta nan take.

A nan ne zancen bidiyon ya shigo. Ko da na'urar da ke jagorantar jirgi cikin hazo, irin wadda aka fi samu tana kawo shi ne zuwa wani tsayi, kamar mita 60 daga ƙasa, daga nan doka ta ce sai ya ga fitilun ko zanen titin da idonsa. Idan ya kai wannan tsayin ƙurar hunturu ta rufe komai, ko ya ga fitilun amma bai daidaita ba, ko iska ta juya masa, abin da aka koya masa tun yana makaranta shi ne ya tura wuta ya ɗaga ya sake zagayowa ko ya tafi wani filin. Wallahi wannan ba kunya ba ce, mutumin da ya yi haka ya zaɓi a zage shi da ya yi caca da rayukan mutum ɗari da wani abu, mu kuma muna zaune kan benci muna kiransa ɗan koyo.

Idan ana son ganin yadda ɓata na gaskiya yake, a duba abin da ya faru a Lexington ta jihar Kentucky a Amurka a watan Agustan 2006. An ba jirgi izinin tashi ta titi 22 mai tsawon kusan mita 2,100, da asuba gari bai waye ba, sai matuƙan suka hau titi 26 wanda tsawonsa kusan rabin haka ne kuma ba fitila a kansa. Lambar ta gaya masu, kamfas ɗinsu na nuna wajen 260 maimakon 220, duhun titin ma ya gaya masu, amma suka wuce. Kwalta ta ƙare kafin jirgin ya iya tashi, mutum 49 cikin 50 suka rasu. Su ba wanda ya ɗauke su bidiyo suna juyawa, don ba su juya ba.

Saboda haka fushina ba kan Baba yake ba, kan masu ilimin da suka san wannan ne amma suka bi yarima a sha kiɗa saboda zagin matuƙi na kawo masu 'yan kallo. Kuma duk lokacin da aka ce za a gyara wani filin jirgi a ƙasar nan hirarmu ba ta wuce ɗakin jira, tayil, kujeru da na'urar sanyi, ban taɓa jin an tashi a taro an tambayi yaushe aka sake fentin titi ba, ko kwan fitila nawa ne suka mutu, ko janareto na ɗauka cikin daƙiƙa nawa idan wuta ta ɗauke jirgi na kan hanya. Mu da muke raka iyayenmu filin jirgi duk shekara lokacin aikin Hajji mu ya fi kamata mu riƙa yin waɗannan tambayoyin, 'yan majalisarmu su yi su, 'yan jarida su nemi izini su shiga da daddare su ƙirga fitilun da idonsu. Ni dai gobe zan koma wurin mai shayi da takarda da biro, in zana wa Baba 05 da 23, in tambaye shi ta ina iska ke kaɗowa ranar da ya ga jirgin.