Lokaci na ce a canza, suka canza launin kati

Kati ɗari uku na ɗaurin auren ƙanwata suka fito da lokacin da ba shi ba ne, kuma har yau mai shagon buga takardun da ya yi mana aikin a nan Garwa yana cewa shi ba shi da laifi, wai abin da na ce shi ya yi. Raina a ɓace yake, don na san ba a kaina aka fara ba.

Kwana tara muka yi muna magana ta WhatsApp a kan katin nan. Daga baya na zauna na ƙirga saƙonnin, sun haura 140, kusan rabi na murya ne. Abubuwa biyar muka yi ta juyawa: sunayen ango da amarya, rana, lokaci, wurin ɗaurin aure, da launin katin. Mun yi ciniki a kan sefa 150 kowane kati, 45,000 ke nan, na ba da 25,000 kafin alƙalami.

Ana saura kwana goma biki Baffa ya kira ni ya ce dangin ango da za su taso daga Ngaundare ba za su iso da safe ba, tafiyar ta fi kilomita 250, a mayar da ɗaurin auren bayan La'asar. A katin an rubuta 10h00, sai a mai da shi 16h00. Nan take na yi wa mai shagon saƙon murya na bayyana masa, sannan na bi da rubutu: "Don Allah a canza shi." A wayata saƙonnin biyu suna jere, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, duk wanda ya gani ya san lokaci nake nufi.

Ashe a wayarsa ba haka suka jeru ba. Ranar babu sabis sosai a unguwarmu, rubutun nawa ya daɗe da alamar agogo, wato bai bar wayata ba balle ya isa gare shi. A tsakanin nan shi kuma ya turo hoton katin yana tambaya, "Wannan koren ya yi, ko a canza?" Da saƙona ya sauka, sai ya faɗo a ƙarƙashin tambayarsa kamar amsa. Na muryar kuwa ba wanda ya saurara, domin da rana yaron shagon ne ke riƙe da wayar, injin yana ƙara, rubutu kaɗai yake dubawa. Suka mayar da kore ruwan zinariya, suka bar 10h00 yadda yake, suka buga ɗari uku.

Ban ɓoye nawa kuskuren ba. Da na rubuta "a canza lokacin" da ba a kai nan ba, kuma da na ja saƙon muryar zuwa dama na amsa a kansa, da rubutun ya tafi manne da shi duk inda ya faɗa. Na yarda. Amma ni ba sana'ata ba ce, sau nawa mutum ke buga katin aure a rayuwarsa? Shi kuwa kullum aikinsa ke nan, ya kamata ya san cewa "shi" a saƙo na uku daban yake da "shi" a saƙo na 130. A farkon magana abu ɗaya ne a gabanku, in ka ce "canza shi" ba a tambaya. Bayan kwana tara komai an taɓa shi, komai an taɓa canza shi, kalmar tana iya komawa ga kowanne. Ku duba abubuwa biyar ɗin nan: suna shi ne, lokaci shi ne, wuri shi ne, launi shi ne. Rana ce kaɗai za a ce "canza ta". Ita ma ba kowa ba, don da yawa daga cikin waɗanda suka koyi Hausa a kasuwa a nan yankin "shi" suke ce wa komai. To, wanda ya ga kalma mai fuska huɗu ko biyar, a kan aikin da in an buga an buga, me zai hana ya tambaya? "Alhaji, launi ko lokaci?" Daƙiƙa nawa wannan zai ci masa?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da aka yi don irin wannan. Duk wanda ya taɓa hulɗa da maɗaba'a ta ƙwarai a Kamaru ya san abin da suke rubutawa BAT: samfurin ƙarshe da ake nuna wa mai aiki, ya karanta, ya sa hannu ko ya rubuta cewa ya amince, kafin a kunna inji. Kuskuren da ya wuce bayan ka amince naka ne, wanda aka buga ba tare da amincewarka ba na shago ne. Ni ba a turo mini komai ba bayan canjin. Ba PDF, ba hoto. Saƙon da ya biyo baya shi ne "An gama, zo ka karɓa." Da na ga katin ya koma ruwan zinariya a waya, a take zan gane cewa ba mu fahimci juna ba, tunda ban taɓa ƙorafi a kan koren ba.

Na je karɓa da magariba, an ɗaure su a leda hamsin-hamsin. Na ga launi ya sauya, na yi magana, yaron ya ce ai ni na ce a canza. Na ɗauka wata cikin iyayenmu mata ce ta kira su, na bar zancen, na biya cikon 20,000 na tafi. Sai bayan kwana biyu, an riga an raba wajen 180, har an kai wasu Marwa da Gidar, wata gwaggonmu ta kira tana tambaya ko an fasa La'asar ɗin ne.

Na koma shagon, muka ajiye wayoyin biyu a kan tebur. Nan muka ga jerin saƙonnin ya bambanta, muka kuma ga saƙon muryar nan ba a taɓa buɗe shi ba. Na ce, "Malam, ga shi da idonka, ba ku saurara ba, ba ku tambaya ba, ba ku turo samfuri ba." Ya ce, "Yallaɓai, ka ce a canza shi, mun canza shi." Ya maimaita wannan ya fi sau biyar. Daga ƙarshe ya ce zai sake buga ragowar 120 a kan rabin kuɗi, sefa 9,000, wai ya yi mini sauƙi ke nan. Na ƙi. Muka tsaya a kan ya buga ƙananan takardu masu gam da 16h00 a jiki kyauta, ni da ƙannena muka kwana muna liƙawa a kan katin amarya kamar kayan kanti.

Waɗanda aka riga aka raba kuwa sai da muka bi mutane ɗaya bayan ɗaya da waya, kwana uku muna yi, kuma ba kowa muke da lambarsa ba. Ranar Asabar ɗin da aka sa ɗaurin auren, ƙarfe goma na safe, dattawa bakwai abokan marigayi mahaifinmu suka iso ƙofar gida da manyan riguna, biyu daga cikinsu tun daga Pituwa a kan babur cikin zafin Garwa. Ni na fita na ba su haƙuri. Uku ba su iya jira har La'asar ba, suka yi addu'a suka koma.