Injin Girgiza Zuciya a Fim

"Me ya sa a fim ake girgiza zuciyar da ta tsaya da lantarki, majiyyaci ya farfaɗo?"

Nan masu fim suka yi son rai. Idan layin na'urar da ke nuna bugun zuciya ya miƙe sambal, girgiza ba ta da amfani, domin injin yana gyara bugun da ya rikice ne, ba ya tayar da wanda ya ɗauke. Abin da likita zai yi, ko a Maradi ko a Yamai, shi ne danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5, da allurar adirenalin miligiram 1 duk minti 3 zuwa 5. Haƙarƙari ma yakan karye. Sunayen magungunan da ake ambata a fim kuwa galibi daidai suke, don likitoci ake ɗauka su duba rubutun, shi ya sa kunne yake yarda.