Ribar Shekara Biyar

Ban daɗe da fara koyarwa ba aka taso ni a gaba in zaɓi ɗaya daga cikin ƙungiyoyin gama-kai biyu da malamai ke ajiya a cikinsu. Ta farko tana ba da ribar kashi 12 cikin 100 a shekara, amma a kan uwar kuɗi kawai. Ta biyu tana ba da kashi 10, sai dai duk ƙarshen shekara tana haɗa ribar da uwar kuɗin, ta yadda ribar ma za ta haifi riba. Kowa ya ce ta farko ta fi, tunda 12 ya fi 10. Da yake ni malamin lissafi ne, sai na ɗauki alli na nufi allon ɗakin malamai.

Na ce mu ƙaddara mutum ya ajiye 100,000. A ƙungiya ta farko yana samun 12,000 duk shekara, ba ƙari ba ragi, saboda haka a shekara ta huɗu yana da 148,000, a ta biyar kuma 160,000. A ta biyu kuwa kuɗin zai zama 110,000, sannan 121,000, sannan 133,100, sannan 146,410, wato har shekara ta huɗu yana baya. A ta biyar ne ya kai 161,051 ya sha gaba. Na ja layi biyu a ƙarƙashin adadin, na kaɗe hannuna, na juyo ina jiran tafi.

Malamin tarihi ya sauke tabaraunsa ya ce, "Malam, nawa ke nan bambancin?" Na ce 1,051. Ya ce, "Bayan shekara nawa?" Na ce biyar. Ya jinjina kai a hankali, ya waiwaya ya tabbatar kowa na saurare, har da shugabar makaranta da ta shigo neman rajista, sannan ya ce, "To ƙanena, bashin da nake bin ka tun watan jiya ya fi ribar taka ta shekara biyar." Ɗakin ya ɓarke da dariya, ni kuwa ina tsaye da guntun alli a hannu kamar an dasa ni.

Wannan bawan Allah dai shi ne ya ari jan birona tun makon da na zo bai dawo da shi ba, kuma da shi yake duba takardun ɗalibai a gabana kullum, amma ban taɓa tona masa asiri a bainar jama'a ba.

Na ɗaga murya na ce su dubi shekara ta goma, inda ta farko ke da 220,000, ta biyu kuma 259,374, domin tazarar sai an daɗe take buɗewa. Sai aka buga ƙararrawa, kowa ya kwashi littattafansa, wani ma ya goge rabin lissafin ya rubuta sanarwar taro.