Malam, ai mun iya karatu

Jiya a wani taron bita a Gusau, wani malami ya haska rubutu a bango: "Ruwan sama ya yi jinkiri, gero ya ragu." Sai ya juya mana ƙeya, ya karanto shi kalma bayan kalma, kamar mai biya allo. Haba Malam! Kafin ka kai "jinkiri" idonmu ya gama layin, kunne kuma ya gudu.

Da ka rubuta wa bakinka nasa daban: ka ce manomi ya yi shuka, ruwa ya ɗauke mako biyu, tsiron ya ƙone, dole ya sake neman iri. Bango ya faɗi abin da ya faru, kai ka faɗi dalili.

Shafi ashirin haka! Na kusa da ni har da minshari.