Ranar da na zaci lemona ya koma dakwara

Jama'a ku zo ku ji abin da lemun zaƙin gidanmu ya yi min. Da safe na fito alwala sai na ga wani abu kamar zuma yana tsattsafowa daga gindinsa, wani ma ya daskare yana ƙyalli, na ce tuwona maina, ƙaro ne, a take har na fara lissafin kuɗin buhu. Madam ta leƙo ta ce kuka bishiyar take yi, a tofa mata addu'a.

Na kirawo wani dattijo mai lambu a unguwarmu don ya taya ni murna. Ko kallona bai yi ba ya tsuguna ya sa wuƙa ya kankare ɓawon, sai ga cikin ya yi ruwan ƙasa, ga ɓawon ya tsattsage ya mutu. Ya ce "yaro, a nan kuke zubar da ruwan wanki ko?" Na ce ai gata muke mata Baba. Ashe wata cutar lemo ce wai ita gamosis, ƙwayar cutar a cikin ƙasa take kuma ba abin da take so irin ruwa ya kwanta a jikin gindi, ni kuwa ga ruwan wanki ga na alwala, ga takin tumaki da na tula har na binne wurin auren dashen. Ya nuna min reshen da ke saitin ciwon, ganyensa ya fara rawaya. Wai in ciwon ya zagaye gindin duka to sai dai a yi itacen girki.

Ina cikin wannan jimami ya juya kan lemun tsamin da nake taƙama da shi, ya tsinko ganye ya ce shafa. Ƙuraje ne ruwan ƙasa masu kaushi, sun taso sama da ƙasan ganyen duka biyu, kowanne da zobe rawaya kewaye da shi, 'ya'yan ma haka. Ni da na ɗauka yaran maƙwabta ne da danƙo har na yi rigima da ubansu! Ya ce wannan cuta ce da ake kira kanka, bakteriya ce, ruwan sama mai iska ke watsa ta, kuma ba ta warkewa, sai dai a datse rassan da suka kamu lokacin rani a ƙone, a riƙa fesa maganin kofa, wato mai sinadarin jan ƙarfe, don kare sabon toho. Cikin lemon dai lafiya lau a sha, a kasuwa ne za a raina shi.

Muka yaye ƙasa da takin nan daga gindin, ya kankare ciwon har ya kai lafiyayyen ɓawo, ya dama maganin kofa da kauri ya shafe, aka ja wa ruwan wanki hanya can nesa.

Da zai tafi ya ce kuɗin aiki, na ce Baba ba rangwame? Ya ce babu, tunda harda biko zai raka ni gidan maƙwabcina yanzu yanzu.